Yadda ake rubuta wa wurin aiki takarda idan an cire kuɗin fansho da kason da ba shi ba

Ɗan yayata ya same ni a gida a Tudun Wadar Kaduna bayan sallar la'asar, riƙe da leda mai takardun albashinsa guda biyar da wata takarda da ya rubuta da hannu. Mai kula da sito ne a wani kamfani da ke wajen Kakuri. Ya ce, "Kawu, duba mini wannan kafin in kai wa manaja gobe." Layin farko na takardar cewa yake an daɗe ana zaluntarsa a wannan kamfani, na biyu kuma yana tuna musu shekarun da ya yi yana aiki ba tare da an taɓa kama shi da laifi ba. Na karanta shafi ɗaya da rabi ban ga lamba ko ɗaya ba. Na tambaye shi nawa aka cire, ya ce da yawa. Nawa ya kamata a cire? Ya yi shiru.

Na daɗe ina aikin lissafin albashi, kuma na san inda irin wannan takarda take ƙarewa. Manaja zai karanta, ransa ya ɗan sosu, ya rubuta a gefe cewa akanta ya duba. Akanta kuma ba shi da abin dubawa, tunda ba a faɗa masa wane wata ba, wane layi ba, balle nawa. Sai ta shige fayil. Takardar da take aiki ita ce wadda akanta zai ɗora kusa da kwamfutarsa, cikin minti biyu ya gani da idonsa cewa lissafin bai yi daidai ba. Don haka yawancin aikin ana yin sa ne kafin a ɗauki biro.

Fara gano kaso nawa aka cire, kuma daga cikin me

Dokar fansho ta tarayya ta 2014, a sashe na 4, ta ce ma'aikaci zai ba da aƙalla kashi 8 cikin 100, wanda ya ɗauke shi aiki kuma aƙalla kashi 10. Wannan kusan kowa ya sani. Inda ake rikicewa shi ne kashi 8 na me. Dokar ta ce na albashin da takardar ɗaukar aiki ta fayyace ne, amma kada ya gaza jimillar abu uku: gundarin albashi, alawus na gida da alawus na sufuri. A takardar albashi su ne layukan da aka rubuta `Basic`, `Housing` da `Transport`. Yawancin kamfanoni a kan waɗannan ukun suke tsayawa, ba sa haɗawa da kuɗin abinci ko na obataim.

Ga yadda na ɗan yayata yake bayan ƙarin albashin da aka yi musu a watan Maris. Gundarin albashi naira 90,000, gida 36,000, sufuri 24,000. Ukun sun tashi 150,000. Sauran ƙananan alawus-alawus 30,000, albashin gaba ɗaya 180,000. A layin fansho kuwa an cire 15,000.

Shi da kansa ya taɓa danna kalkuletar wayarsa, ya raba 15,000 da 180,000, ya ga takwas da ɗoriya, ya ce ai kusan daidai ne. Wannan kuskuren ne ya sa ya yi wata huɗu bai ce komai ba, sai dai zuciyarsa tana raya masa cewa alat ɗin da yake gani bai kai yadda ya zata ba. Ya raba ne da abin da ba shi ba. Lissafin da ya dace shi ne wannan:

```
15,000 ÷ 150,000 × 100 = 10
150,000 × 8 ÷ 100 = 12,000
15,000 − 12,000 = 3,000
```

Goma cif, ba ɗigo. Duk lokacin da ka raba ka sami lamba cif irin wannan, to ka kama bakin zaren, domin kuskuren kaso ne, ba wani abu ne aka haɗa aka cusa a layin ba. Kuma lambar da ta fito takan gaya maka abin da ya faru. Idan goma ce, kason kamfani aka ɗora maka. Idan goma sha takwas ce, wato 27,000 a irin wannan albashi, to naka da nasu duka daga aljihunka suke fita. Idan bakwai da rabi ce, har yanzu suna kan tsohuwar dokar 2004, lokacin da kowane ɓangare yake ba da kashi 7.5. Wannan na ƙarshe mutane ba sa kai ƙararsa saboda kuɗin hannu ya fi yawa, amma asusun tsufansu ne yake ramewa.

Akwai wata lamba da ya kamata ka yi hattara da ita. Da a ce 14,400 aka cire masa, wannan kashi 8 ne na albashin gaba ɗaya, 180,000. Ba lallai kuskure ba ne. Idan takardar ɗaukarka aiki ko littafin ƙa'idojin kamfani ya ce a kan dukan albashi ake lissafi, doka ta yarda, sharaɗin dai shi ma kamfanin ya sa nasa kashi 10 a kan dukan albashin. Saboda haka kada ka rubuta komai sai ka ciro takardar ɗaukar aikinka ka karanta abin da ta ce a kan fansho. Ta ɗan yayata ta ce kashi 8 na gundarin albashi da gida da sufuri, ƙarara.

Sai kuma ka tabbatar ba da hannunka aka yi ba. Doka ta ba ma'aikaci dama ya ƙara wani abu a asusun fanshonsa don raɗin kansa, ta hannun wurin aikinsa. Na taɓa ganin wanda ya zo yana faɗa a ofis, aka ciro masa fom ɗin da ya sa wa hannu shekara biyu baya, lokacin da wakilan kamfanin fansho suka zo wayar da kai. Ya manta. Ka zauna ka tuna tukuna.

Ma'aikacin gwamnatin jihar Kaduna kuma kada ya ɗauki lambar tarayya ya kafa hujja da ita. Jiha tana da tata dokar fansho ta 2016, inda ma'aikaci yake ba da kashi 7, gwamnati 13. Malamin makarantar jiha da ya ga an cire masa kashi 8 yana da magana, alhali ga maƙwabcinsa da ke aiki a kamfani takwas ɗin ce daidai.

Wane wata abin ya fara

Na sa shi ya jera takardun biyar a kan tabarma, daga Fabrairu zuwa Yuni. A Fabrairu, kafin ƙarin, abubuwan nan uku sun tashi 120,000, an cire 9,600. Takwas daidai. Daga Maris zuwa Yuni kuwa 15,000 ne kowane wata. Wata huɗu, 3,000 sau huɗu, naira 12,000.

Takardar Fabrairu ita ce mafi daraja a cikinsu, domin tana nuna cewa kamfanin da kansa ya san takwas ne kason, ya kuma yi aiki da shi. Ba sai ka yi musu da kowa a kan doka ba. Ka ajiye takardar watan ƙarshe da aka yi daidai kusa da ta watan farko da aka yi kuskure, su yi magana da kansu. Irin wannan kuskure kusan kullum a mahaɗa yake faruwa: watan ƙarin albashi, watan ƙarin girma, watan da aka canza akanta ko aka koma sabuwar manhaja. Lokacin ne ake sake gina jadawalin albashi, kuma ma'aikaci ba ya lura, don ya san tunda albashi ya ƙaru dole abin da ake cirewa ya ƙaru.

Idan wurin aikinku ba a ba da takardar albashi, sai dai alat kawai, to takardarka ta farko ba ta ƙorafi ba ce. Roƙo ne a ba ka bayanin yadda aka lissafa albashinka na watannin da kake shakka, layi-layi. Ba za ka iya cewa kaso ya kauce ba alhali ba ka san daga me aka ɗebe shi ba.

Ina kuɗin suka tafi

Wannan matakin ne mutane suke tsallakewa, kuma shi ne yake nuna abin da za ka nema a takardar. An cire maka rarar 3,000, to suna ina? Amsar tana cikin bayanin asusunka na fansho. Kana iya dubawa a manhajar kamfanin fanshonka a waya, ko ka je ofishinsu da lambar fanshonka su buga maka. A bayanin, kowane wata yana da gurbi biyu, `Employer` na wanda ya ɗauke ka aiki, `Employee` naka. Doka ta ce a tura kuɗin cikin kwana bakwai na aiki bayan an biya albashi, don haka na watannin baya ya kamata a ce sun shiga.

Abu uku ne za ka iya tararwa, kuma kowanne da maganinsa.

Na ɗan yayata ya nuna 12,000 a gurbin kamfani, 15,000 a gurbinsa. An yi musaya kenan, nasu ya koma nasa, nasa ya koma nasu. Jimillar da ta shiga asusun, 27,000, daidai take, ba ragi ba ƙari. Abin da ya faru kawai shi ne ya biya wa kamfani 3,000 daga cikin kasonsu kowane wata. Wannan shi ne mafi sauƙin gyara, domin babu ruwan kamfanin fansho a ciki. Wurin aikinsa ne yake riƙe da bashinsa, kuma a albashi za su mayar masa.

Da a ce ya ga 15,000 a gurbin kamfani, 12,000 a nasa, to kuɗin da suka dace ne suka tafi, rarar 3,000 kuma ba ta bar kamfanin ba. Nan ma su za su biya, amma wannan ya fi buƙatar bayani, saboda abin da aka cire a takardar albashi da abin da aka tura sun saɓa. Ko a nan ɗin ma kada ka yi saurin kiran kowa ɓarawo. Sau da yawa jadawalin da ake tura wa kamfanin fansho daban yake da na albashi, wani ne ya gyara ɗaya ya manta ɗayan.

Na uku shi ne ya ga 15,000 a gurabe biyun, jimilla 30,000. Kuɗinsa ba su ɓata ba, suna asusunsa da sunansa, sai dai sun shiga inda ba a fitowa da sauƙi. Wurin aiki ne zai rubuta wa kamfanin fansho cewa an tura fiye da kima, a bi ƙa'idojin hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, kuma abin yakan ɗauki lokaci. A ra'ayina, idan rarar ba ta taka kara ta karya ba, gara ka nemi a gyara kason daga yanzu, na baya ka bar su a asusunka suna juyawa. Idan kuwa kashi 18 ake ta cire maka tsawon shekara, wannan ba abin bari ba ne.

Takardar kanta

Kafin mu rubuta, na ce masa ya fara leƙa akanta da baki. Ba don a gama magana a nan ba, sai don kada mutumin ya fara jin labarin kuskurensa daga bakin manaja. Ya same shi da safe, ya ce, "Yallaɓai, akwai abin da ban gane ba a layin fanshona, zan rubuto a takarda don ya zama kana da abin da za ka riƙe." Wannan kaɗai ya isa. Akanta ba ya iya mayar da kuɗin watannin da suka wuce don ganin damarsa, sai da takardar da zai maƙala a bayan bauca, ranar da masu binciken kuɗi suka zo ya nuna musu. Takardarka taimakonsa take yi, idan ka rubuta ta yadda ya kamata.

Wa za a rubuta wa? A kamfani, shugaban sashen kula da ma'aikata, ko manaja idan ƙaramin wuri ne, ta hannun shugaban sashenka, da kwafi ga akanta. A aikin gwamnati ba a tsallake na gaba da kai, takarda tana bi ta hannunsa ne ya sa hannu ta wuce. Yawancin ofisoshin Kaduna da Turanci ake rubutu. Ba komai, tsarin ɗaya ne. Ka fara tsara ta da Hausa yadda kai kanka za ka gane kowane layi, sannan a juya, lambobin dai kada a taɓa su. Ga wadda muka rubuta, na cire sunaye:

> 7 ga Yuli
>
> Zuwa ga Manajan Sashen Kula da Ma'aikata,
> Ta hannun Shugaban Sashen Sito.
>
> Ranka ya daɗe,
>
> ROƘON A SAKE DUBA KUƊIN FANSHO DA AKA CIRE MINI DAGA MARIS ZUWA YUNI
>
> Ni ne (suna), mai kula da sito, lambar ma'aikaci (lamba). Ina roƙon a sake duba kason da aka yi amfani da shi wajen cire mini kuɗin fansho tun daga albashin watan Maris.
>
> Takardar ɗaukata aiki ta ce za a riƙa cire kashi 8 cikin 100 na gundarin albashi da alawus na gida da na sufuri, kamar yadda sashe na 4 na dokar fansho ta 2014 ya tanada. Haka aka yi har zuwa Fabrairu, inda aka cire N9,600 daga N120,000.
>
> Daga Maris waɗannan ukun sun koma N150,000. Kashi 8 nasu N12,000 ne, amma abin da aka cire N15,000 ne, wato kashi 10. Bambancin N3,000 ne a kowane wata. A watanni huɗu, Maris, Afrilu, Mayu da Yuni, ya kama N12,000.
>
> Bayanin asusuna na fansho ya nuna a waɗannan watanni an tura N12,000 a matsayin kason kamfani, N15,000 a matsayin nawa. Da alama an yi musayar gurabun biyu ne.
>
> Saboda haka ina roƙon abu uku: a mayar da kasona zuwa kashi 8 daga albashin Yuli, a mayar mini da rarar watanni huɗun, a nuna ta a layinta daban a takardar albashi, a kuma ba ni amsa a rubuce. Idan akwai wani dalili da ban sani ba da ya sa aka yi amfani da kashi 10, zan so a sanar da ni shi.
>
> Na haɗo da kwafin takardun albashina daga Fabrairu zuwa Yuni, shafin takardar ɗaukata aiki da ya yi magana a kan fansho, da bayanin asusuna na fansho.
>
> Na gode.
>
> (sa hannu, suna, lambar waya)
>
> Kwafi: Akanta.

Shafi ɗaya ce, kuma kowane yanki da aikinsa. Kan maganar ya faɗi wane kuɗi da waɗanne watanni, yadda ko wanda bai karanta sauran ba ya san teburin da za ta je. Kalmar da muka zaɓa ita ce "a sake duba", domin tana ba mutum hanyar gyarawa ba tare da an ce ya amsa laifi ba. "Da alama" ma da gangan muka sa. Mun san tabbas abin da aka cire da abin da aka tura, amma yadda aka yi hakan ya faru a cikin kwamfutarsu zato muke yi, don haka muka faɗe shi a matsayin zato.

Jimlar da ya fi ƙi ita ce ta "idan akwai wani dalili da ban sani ba". Ya ce, "Kawu, ai kamar ina ba su ƙofar fita ne." Na ce masa kai ma ƙofarka ce. Idan aka wayi gari akwai wata sanarwa da ta fito kana hutu, ko wani fom da ka manta, ba za ka ji kunya ba. Idan kuma babu dalilin, ka tilasta musu su faɗi hakan a rubuce. Dokar ma sau ɗaya muka ambata, a gefen takardar ɗaukar aiki, ba a matsayin sanda ba. Ba mu kawo maganar kotu ko lauya ba. Takardar farko da ta zo da barazana takan sa a miƙa ta ga lauyan kamfani, abin da za a gama a mako biyu ya koma wata uku.

Akwai abubuwan da ya so ya ƙara na hana. Kuɗin obataim ɗinsa na azumi da har yanzu ba a biya ba, da maganar wani da aka ƙara wa girma aka tsallake shi. Duk gaskiya ne, amma kowanne da tasa takardar. Idan ka haɗa ƙorafi uku a takarda ɗaya, za a amsa mafi sauƙin musantawa a ce an amsa maka. Haka kuma ya tambayi abokan aikinsa biyu, su ma goma ake cire musu. Na ce kada ya rubuta da yawun kowa. Ya gaya wa akanta da baki cewa da alama ba shi kaɗai ba ne, kowa kuma ya rubuta tasa, ko wakilin ƙungiyar ƙwadago ya rubuta a madadin duka idan akwai ƙungiya a wurin.

Miƙawa da bibiya

Ka buga kwafi biyu. Ɗaya ka miƙa, ɗayan a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata da sa hannun wanda ya karɓa, ka tafi da shi gida, ba aljihun teburin ofis ba. Takardun da za ka haɗa fotokwafi ne, na asali su zauna a wurinka. Idan ta imel ake yi a wurinku, ka tura ta nan, ka ajiye kwafi a inda za ka iya buɗewa ko bayan ka bar aikin. Saƙon murya a waya ba takarda ba ce.

Lokacin miƙawa yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Kowane ofis yana da ranar da yake rufe lissafin albashin wata, galibi wajen tsakiyar wata ko jim kaɗan bayansa. Ka tambayi akanta ranar. Takardar da ta iso bayan an rufe sai wata mai zuwa, kuma kafin nan an sake cire maka wata 3,000, lambobin da ka rubuta sun tsufa. Shi ya sa muka miƙa tasa a makon farko na Yuli. Idan ka makara, ƙara layi ɗaya: duk watan da aka sake cirewa da kashi 10 kafin a gyara, a haɗa da shi.

Bayan kwana goma ya leƙa ofishin akanta. Mutumin ya juyo masa da fuskar kwamfuta ya nuna masa. Lokacin da ya gina sabon jadawali a Maris, gurbin ma'aikaci ya sami `=F7*10%`, gurbin kamfani kuma `=F7*8%`, ya ja su har ƙasa, kan kowa da kowa. Wata huɗu babu wanda ya lura, saboda jimillar da ake turawa kamfanonin fansho ba ta canza ba, kashi 18 ne ko ta wace hanya aka bi.

Abin da za ka gani ranar da aka gyara

Kada ka jira kuɗin baya 12,000 ɗin nan su shigo hannunka cif, kuma kada ka sake rubuta takarda idan ba su cika ba. Kuɗin fansho ana cire su ne kafin a lissafa harajin albashi, wanda ake tura wa hukumar tara haraji ta jihar Kaduna. Da ake cire masa 15,000, harajinsa yana raguwa kaɗan, tunda abin da ake ɗora wa haraji ya ragu da 3,000. Yanzu da aka mayar masa, kuɗin sun koma albashi, haraji ya hau kansu. A dokar harajin da ta fara aiki a Janairun 2026, naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu, miliyan 2.2 da ke biye kuma kashi 15 ne, kuma a nan albashinsa ya faɗa. Kashi 15 na 3,000 naira 450 ne, na wata huɗu 1,800. Abin da ya shigo hannunsa na ariyas 10,200 ne, kuma daidai ne.

Abin dubawa a takardar albashin Yuli uku ne: layin fansho ya koma 12,000, ariyas ɗin ya fito a layinsa daban, harajin kuma ya ɗan ɗaga da gwargwadon da muka lissafa. Sannan bayan mako biyu ka sake buɗe asusun fanshonka ka tabbatar gurbin kamfani ya koma 15,000. Na ga inda aka rage na ma'aikaci zuwa takwas aka manta ba a ɗaga na kamfani zuwa goma ba, sai abin da ke shiga asusu ya faɗo daga 27,000 zuwa 24,000, mutum yana murna an gyara masa.

Wani lokaci binciken kan juyo kanka. A duba a ga ashe ƙasa da kima ake cire maka, kamar mai bakwai da rabin nan, a ce za a cike giɓin. To kada ka yarda a kwashe a wata ɗaya. Ka rubuta ka nemi a rarraba. Dokar ƙwadago, a sashe na 5, ta ce jimillar abin da za a cire daga albashin ma'aikaci a wata kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku, sai dai wannan dokar leburori da ma'aikatan da ba na shugabanci ko ƙwararru ba ta fi shafa. Manyan ma'aikata takardar ɗaukar aikinsu ce madogararsu.

Idan albashi ya sake fitowa ba a gyara ba, ba a kuma amsa ba, sai tunatarwa. Layi uku sun isa: ranar da ka miƙa ta farko, sabuwar jimillar rarar, da kwafin mai hatimin nan a maƙale. Wannan karon ka sa wanda ke gaba da manajan a kwafi. Idan nan ma shiru, maganar fansho tana da mai ita. Ka sanar da kamfanin fanshonka, ka rubuta wa PenCom ka haɗa da duk takardun nan, musamman idan bayanin asusunka ya nuna ana cirewa ba a turawa, domin doka ta ɗora wa mai yin haka tarar da ba ta gaza kashi 2 na kuɗin da ya riƙe ba a kowane wata. Ma'aikacin jiha kuma hukumar fansho ta jihar Kaduna zai nufa. Kotun ma'aikata ta ƙasa tana da reshe a Kaduna, amma a kan naira 12,000 kuɗin mota da na lauya sun cinye abin da ake nema tun ba a zauna ba.

Na ɗan yayata bai kai ko tunatarwa ba. A ƙarshen Yuli ya turo mini hoton takardar albashinsa, layin fansho 12,000, ga ariyas a ƙasa. Na ce ya duba asusun fanshon tsakiyar Agusta ya turo mini shi ma, sannan ya zo da takardun obataim ɗin mu zauna a kansu.